Wata Huɗu Ina Koyon Karanta Abin da Nake Bugawa

Ina da shekara arba'in da shida aka kawo ordinatoci, wato kwamfutoci, a biro, ofishin da nake aiki, inda ake rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Kafin lokacin na yi shekara goma sha tara a kujera ɗaya, bakin tagar da ke kallon hanyar tabki. Aikina bai da wuyar faɗi. Mutum zai zo neman kofen takardar haihuwarsa ko ta ɗansa, a ɗauko babban littafin rajista na shekarar, a buɗe mini shafin, ni kuma in buga abin da ke ciki a kan takarda da mashin ɗin bugu. Shef, wato shugabanmu, ya sa hannu, a danna tampo, wato hatimi, mutum ya tafi. Idan lokacin jarrabawar ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, ya matso, layi kan kai har gindin dogon yaro, mutanen Safo da ƙauyukan da ke bayanta su ɗaure jakunan amalankensu a inuwa su zauna jira. A irin ranakun nan ne ake yabona, domin ina da sauri. Ina bugu ina amsa gaisuwa, ina bugu ina tambayar mata lafiyar yaransu, hannuna bai tsayawa.

Mu biyar ne a biron. Wanda ya fi kusa da ni shi ne Malam, mai rubutu a cikin rajista. Ya girme ni da shekara bakwai, rubutunsa kuwa kamar an zana. Ba ya gaggawa a komai. Yakan karanta ƴar takardar da aka aiko daga likita ko daga wurin mai gari sau biyu kafin ya ɗora alƙalami, ni kuwa ina yi masa tsiya cewa kafin ya gama layi ɗaya jaririn ya yi wayo.

Ba rana ɗaya abin ya zo ba. Da fari wasu matasa suka zo da na'ura suka yi makonni suna ɗaukar hoton tsofaffin rajistoci shafi shafi, aka tafi da hotunan wani wuri aka shigar da abin da ke ciki. Daga baya aka sa faranti masu ɗaukar hasken rana a kan rufi saboda yankewar kuran, wato wutar lantarki. Sai ranar da aka gwada mana lojisiyel ɗin, wato tsarin da ke cikin ordinatan. Shef ya rubuta sunan wani dattijo da ke tsaye a taga, ya danna, takarda ta fito daga na'urar bugu tsaf, da lambarta. Dattijon ya yi salati. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Abin da nake yi tun ina amarya ke nan aka yi a gabana kafin in gyara mayafi.

Ni ba cikakkiyar ma'aikaciya ba ce. Kontara nake, ana sabunta mini kowace shekara, kuma na saba da hakan har na manta cewa abu ne da ake iya ƙin sabuntawa. Maigidana direba ne tsakanin Maraɗi da iyaka, aikin nasu kuma ya yi sanyi a shekarun nan. Bai taɓa ce mini komai ba, amma mu duka mun san abin da ke riƙe da gidan.

Bayan mako biyu Shef ya tara mu ya ce ba korar kowa za a yi ba, akwai tsari. Wata mata za ta zo daga Maraɗi ta zauna da kowannenmu, ta ga abin da ya iya, sannan a koya mana sabon aiki. Horon wata huɗu ne, kwana biyu a mako a Maraɗi, rabinmu su tafi rabi su tsare taga. A ƙarshe akwai jarrabawa. Wanda ya ci a ba shi atestasiyo, wato takardar shaida, ya yi wata uku yana sabon aikin ana duba shi, sannan a tabbatar da shi.

Malam ya ce, "Wanda bai ci ba fa, Shef?"

"Ya sake bayan mako shida."

"In ya sake faɗuwa?"

Shef ya juya takardar da ke hannunsa ya duba bayanta, kamar amsar na can. Ya ce, "Sun rubuta cewa za a duba lamarinsa."

Wannan jimlar ta bi ni gida. Ina tuƙa tuwo ina juya ta.

Mai horon ta zo ranar Talata. Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ta ƙarshe ba, mai ladabi, tana ce mini Tanti. Ta raba takarda gida uku, ta ce in faɗi duk abin da nake yi tun daga safe har tashi. Duk wanda na faɗa sai ta sa shi a gida ɗaya: abin da na'ura ta karɓe, abin da ya rage ga mutum, da abin da za a koya. Ina kallo gidan farko ya cika har ta juya bayan takardar. A gida na biyu abu biyu kawai ta rubuta, karɓar mutane da jin Hausar ƙauye.

Ta ce, "Tanti, hanya uku ce. Akwai tsaron taga da fitar da takardu, mutum ɗaya ya isa. Akwai zagayen ƙauyuka da tablet, a koya wa masu karɓar sanarwar haihuwa, a kwaso abin da suka rubuta. Sai dubawa da gyara. Abin da aka shigar daga tsofaffin rajistoci yana da kurakurai, kuma lojisiyel yakan nuna mutum biyu da yake zaton mutum ɗaya ne. Sai an samu wanda zai gwada da hoton shafin ya yanke."

Na ce taga nake so. Ta ce an riga an ba wa abokiyar aikinmu mai ciwon ƙafa, kuma ita tana ganin dubawa ta fi dacewa da ni tunda yatsuna sun san madannai. Malam aka sa shi a zagayen ƙauyuka, domin babu mai garin da bai sani ba, amma shi ma zai yi darasin dubawa tare da mu.

Ranakun Maraɗi nakan fita bayan na sallami yara, in samu mota a tasha, mu isa wajen ƙarfe takwas da rabi. Ɗakin horon na da ordinatoci jere, kuma an haɗa mu da mutanen wasu garuruwa, duk masu furfura ko masu shirin yinta. Makon farko kunya ta yi mana yawa. Wani babban mutum da na san ana tashi a gaishe shi a garinsu ya kasa riƙe ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, kibiyar tana guje masa, gumi na zuba a kan rigarsa. Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa da aka zo darasin bugu sai na samu kaina. Madannan kusan irin na mashin ɗina ne, sai dai sun fi laushi. Na gama shafina kafin kowa ya kai rabi, mai horon ta ce a tafa mini. Na dawo gida ranar da ƙwarin gwiwa, har na sayo kifi a bakin tabki.

Malam shi ne na baya a kullum. Da yatsa biyu yake bugu, yana kai fuskarsa kusa da gilashi. A mota wani lokaci yakan ce, "Hajiya, aikin ga ba namu ba ne." Ni ce ke ba shi haƙuri, ina ce masa zan taimaka masa. Har ga Allah tausayinsa nake ji.

Jarrabawar ta zo a ƙarshen wata na huɗu. An ba kowa dosiye, wato fayil, guda ashirin na gwaji, ba na mutanen gaske ba. A hagu hoton shafin rajista, a dama abin da aka shigar. A duba, a gyara abin da ya saɓa, a nuna waɗanda mutum ɗaya ne aka shigar sau biyu, a bar waɗanda suna ne kawai ya zo ɗaya. Na gama da sauran lokaci mai yawa, na zauna ina kallon Malam yana fama.

Da sakamako ya fito, Malam ya ci. Ni na faɗi.

Mai horon ba ta faɗa a gaban mutane ba. Ta ja ni gefe ta buɗe aikina. Ta nuna mini inda aka rubuta yaro an haife shi kafin shekarar haihuwar uwarsa, na wuce. Ta nuna inda na haɗe mata biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, duka an sa musu ɗaya ga watan Janairu kamar yadda ake yi wa wanda ba a san ranarsa ba, alhali ƙauyensu daban, uwayensu daban. Ta nuna wani wurin da na goge layi na sake buga shi da kuskurensa yadda yake.

Ta ce, "Tanti, kin karanta su kuwa?"

Na buɗe baki in ce na karanta, sai na tsaya. Gaskiya ban karanta ba. Na ga haruffan, yatsuna sun bi su, amma ban san abin da suka ce ba. Shekara goma sha tara abin da ake so gare ni shi ne in kwafe abin da na gani ba ƙari ba ragi, kuma da sauri. Har na koyi yadda rubutu zai shiga idona ya fita ta yatsuna ba tare da ya tsaya a kaina ba. Da haka nake iya hira ina bugu. Abin da ake yabona a kai shi ne ya kayar da ni.

A mota, da muka kusa gari, Malam ya juyo wurina. Ya ce, "Mako shida da yawa ne, in Allah Ya so." Na ce masa to. A gida na ce wa maigidana sakamako bai fito ba tukuna. Kwana uku ina riƙe da wannan ƙaryar kafin na faɗa masa. Ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ya fita ya daɗe yana goge motar da ba ta yi datti ba.

Malam ne ya kawo dabarar. Bayan azahar, idan taga ta yi sauƙi, sai ya jawo kujerarsa kusa da tawa. Ya ce in ɗora hannuwana a kan cinya, kada in taɓa madannai. In karanta hoton shafin da ƙarfi, in karanta abin da aka shigar da ƙarfi, sannan in faɗa masa da bakina wane ne wannan mutumin, ɗan wa, daga ina, uwarsa na da shekara nawa ta haife shi. Sai na amsa duka sannan in ɗaga hannu. Ranar farko na ji kamar an ɗaure ni. Yatsuna suna motsi a kan zane su kaɗai. Dosiye ɗaya yakan ci mini lokacin da da nake buga goma, kuma abokan aiki na ji ina karatu da ƙarfi kamar ƴar aji ɗaya.

"Malam, da wannan tafiyar ba zan gama ashirin ba."

"Ki gama sha biyar na gaskiya tukuna."

A mako na uku ne wani saurayi ya zo taga daga wajen garin Sarkin Yamma. Zai shiga gasar neman aiki, ana son sabon kofen takardar haihuwa. Abokiyar aikinmu ta danna, takarda ta fito, ya karɓa ya tafi. Bai kai bakin titi ba ya dawo.

"Madam, an yi kuskure. Shekarar ga ba tawa ba ce."

Ya ciro tsohuwar takardarsa daga leda, ta yi laushi saboda ninki. Shekarar da ke kanta ta bambanta da ta sabuwar da shekara ɗaya. Aka buɗe hoton rajista, rubutun Malam ne, a sarari, kuma ya yi daidai da abin da na'ura ta fitar. Tsohuwar takardar ce ke da kuskure. Na miƙa hannu na karɓe ta. Tun kafin in duba kyau na gane ta, domin mashin ɗina yana da harafi ɗaya da ke ɗan hawa sama da layi. Ni na buga ta, lokacin da uban yaron ya zo sa shi lakwal. Yatsana ya zame zuwa lambar da ke kusa, ban gani ba, wanda ya sa hannu bai gani ba. Da wannan shekarar yaron ya yi karatunsa duka, ita ce a kan kowace takardar shaidar da ya samu.

Ba wanda ya lura da harafin sai ni da Malam. Na san ya gani, domin ya sunkuyar da kai. Saurayin na ta tambaya, "To yanzu mi zan yi? Jibi za a rufe karɓar dosiye." Ni kuma ina tsaye, ina tunanin jarrabawar da ke gabana da kontarar da ke jiran sa hannu. Idan na yi shiru, za a ce kuskuren da ne, ba a san mai shi ba. Idan na yi magana, na ƙara wa wanda zai duba lamarina abin dubawa.

Na yi shiru har aka shigar da saurayin wurin Shef. Ina jin muryoyinsu ta ƙofa. Na zauna, na tashi, na sha ruwa. Sannan na ƙwanƙwasa na shiga, na ce, "Shef, ni na buga ta."

Ya dube ni ya ce ya sani, ai ni kaɗai ke bugu a shekarun nan. Na ji kunya ta biyu a kan ta farko, domin ashe shirun da na yi bai ɓoye komai ba. Ya yi wa saurayin bayani cewa rajista ita ce asali, ba za a taɓa ta don ta bi kofe ba. Takardun lakwal ne za a nemi a gyara, kuma wannan sai a wuraren da suka ba da su. Ya rubuta masa wasiƙa mai bayyana cewa kuskuren kwafi ne daga wurinmu, ya haɗa da sabon kofen. Saurayin ya tambaya ko za su karɓa kafin jibi. Shef ya ce bai sani ba.

Na bi shi waje na ba shi haƙuri. Bai zage ni ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Ba komai, Inna," ya hau bayan babur ɗin wanda ya kawo shi. Ban sake ganinsa ba, kuma har yau ban san ko ya shiga gasar ba. Na tambayi Malam sau biyu ya bincika mini idan ya je wajensu, ya ce an ce yaron ya tafi Maraɗi.

Daga ranar tsorona ya sauya. Da ina tsoron rasa kujera ne kawai. Yanzu duk wanda ya tsaya a taga da tsohuwar takarda a leda sai gabana ya faɗi. Ina lissafin yawan takardun da suka fita daga hannuna a ranakun layi, ina hira ina dariya, suna can cikin akwatuna da ƙarƙashin katifu a ƙauyuka, ban san nawa ne ke ɗauke da irin wannan ba. Na faɗa wa mai horon a waya. Ta ce, "Tanti, kowane biro ana samun haka, shi ya sa ake buƙatar mai dubawa." Na san gaskiya ta faɗa, amma bai rage mini komai ba.

Ranar sake jarrabawa mu huɗu ne a ɗakin, har da babban mutumin nan. Na zauna na sa hannuwana a kan cinya. Ba a yarda a yi magana ba, don haka leɓuna kawai ke motsi. Dosiye na bakwai mata biyu ne masu suna ɗaya, ƙauye ɗaya, shekara ɗaya. Na duba sunan uwa, ɗaya ne, sai dai an rubuta shi iri biyu. Na kusa haɗe su, sai na ga a hoton shafin lambobinsu na bin juna, kuma an rubuta su rana ɗaya. Za su iya zama tagwaye da mai shigarwa ya maimaita wa suna, za su iya zama mutum ɗaya. Hoton ya yi duhu a daidai wurin sunan. Na daɗe a kai, lokaci na tafiya. A ƙarshe ban haɗe ba, ban raba ba, na sa alamar a ɗauko littafin a duba. Da aka ce a tsaya, sha bakwai na gama.

Kwana tara ana jira. A cikinsu na ƙona miya sau biyu, na yi wa ƴata faɗa a kan abin da bai kai ba. Ranar Alhamis Shef ya kira ni ya ce na ci, ba da rata mai yawa ba. Ya ce mai horon ta rubuta cewa na bakwai ɗin an sa shi ne don a ga wanda zai yarda bai sani ba. Na tambaye shi babban mutumin fa. Ya ce wannan ba na garinmu ba ne, bai ji ba. Daga baya na ji an mayar da shi tsaron ɗakin ajiyar littattafai.

Na yi wata ukun gwaji, duk abin da na gyara sai Shef ya tabbatar kafin ya zauna. Aka sabunta kontarata. A sabuwar takardar an sauya sunan aikina, an kuma ƙara layi ɗaya cewa za a sake duba buƙatar wannan aikin idan an gama tsabtace tsofaffin rajistoci. Na tambayi mai horon yaushe ke nan. Ta ce da saura, shekarun da ba a taɓa ba suna da yawa, kuma ana maganar wani horon a gaba. Ban tambaye ta na mene ne ba.

Malam yanzu kwana uku a mako yana kan babur, tablet a cikin jaka a ƙirjinsa. Da damina hanyoyin kan yanke, ya dawo wandonsa duk laka, bayansa na ciwo, ya zauna ya haɗa tablet ɗin ya turo mini abin da ya kwaso. Yakan ce saura shekara kaɗan ya ajiye, ya koma garkarsa ta bakin tabki ya shuka tumatir. Ni shekarun aikin da suka rage mini sun fi nasa yawa. Kowace safiya idan na kunna ordinata, akwai lamba a kusurwa mai nuna dosiye nawa suka rage a duba. Ina son ta ragu, domin aikina ke nan, kuma Shef ita yake kallo. Idan ta ragu da yawa a mako ɗaya kuma sai in kasa cin abincin rana.